Daga hoton fuskar waya zuwa katin bita: nazari kan abin da ɗalibi ke haddacewa

A jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta shekarar 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba, kuma ko da yake shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura wadda ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wannan uzuri bai taɓa ɗaliban Jigawa ba. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne an sami wannan sakamako a lokacin da tsofaffin tambayoyin jarrabawa suka fi kowane zamani arha, domin ɗalibin da ke zaune a Unguwar Ya ko wani ƙauyen Gwaram yana iya tara ɗaruruwansu a wayar yayansa ba tare da ya je Birnin Kudu sayen littafi ba. Tambayoyin suna zuwa ne a matsayin hoton fuskar waya, wanda matasa ke kira sikirinshot, kuma wasu daga cikin ɗaliban sun fara mayar da su katunan bita, wato kati mai tambaya a fuska ɗaya da amsa a bayansa. Dabarar tana da tushe mai ƙarfi, sai dai yadda aka fi yin ta, wato kwafe tambaya da zaɓuɓɓukanta huɗu a sa harafin amsa a baya, yana zubar da mafi yawan amfaninta.

Ba a wahala wajen gane abin da ya yaɗa al'adar. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, tambayoyi 180 ne a yau cikin awa biyu, 60 na Ingilishi da 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku, dukkansu na zaɓi-ka-cika. Hoto kuwa yana shiga zauren WhatsApp da ɗan data kaɗan, yana zama a waya ko babu sabis, kuma manhaja irin Google Lens tana iya karanto rubutun da ke cikinsa ta mayar da shi rubutun da ake kwafewa. Masu neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, duk wannan hanya ce ta fi musu sauƙi.

Ƙarfin katin bita yana kan abubuwa biyu. Na farko shi ne tilasta wa ƙwaƙwalwa ta fito da amsa da kanta, abin da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna a 2006 cewa ya fi maimaita karatu riƙe ilmi bayan mako guda, duk da cewa masu maimaita karatun su ne suka fi jin sun iya. Na biyu shi ne tazara tsakanin bita da bita, wadda asalin bincikenta ke komawa ga Hermann Ebbinghaus a 1885, wanda ya auna yadda mantuwa ke yin sauri a farko sannan ta lafa. Almajirin da ke hadda ya san na farkon tun da daɗewa, tunda malami ba ya karɓar tilawa ido na kan allo. To, katin da ya ɗauko zaɓuɓɓuka huɗu a fuskarsa ya bar allon a buɗe ne, domin aikin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya gane amsa idan ya gan ta, kuma ganewa ta fi fitarwa sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda bai san komai ba yana da damar cin kashi 25 cikin ɗari da cinke kawai, idan kuma ya iya kawar da zaɓi biyu da ba su yi kama da amsa ba damar ta koma rabi. Bayan ya ga katin sau uku ko huɗu, abin da ke zaune a kansa shi ne siffar hoton da wurin da amsar take, ta yadda zai ce "B" tun bai gama karanta tambayar ba.

Misali guda daga darasin Bayoloji zai fayyace batun. A ce hoton da ya iso yana ɗauke da wannan:

```
The vector of sleeping sickness is
A. Anopheles mosquito
B. tsetse fly
C. blackfly
D. housefly
```

Mai gaggawa zai yi kati ɗaya, ya rubuta B a bayansa, ya wuce. Amma tambayar tana ɗauke da ilmi guda huɗu, domin mai tsara ta bai zaɓi amsoshin ruɗin da ka ba, kowannensu ƙwaro ne mai yaɗa wata cuta da ke cikin manhajar karatu. Ƙudan tsando shi ke yaɗa ciwon barci, macen sauron Anopheles ita ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, baƙin ƙudan da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke kawo makantar kogi, ƙudan gida kuma yana kwasar ƙwayoyin kwalara da taifot daga ƙazanta zuwa abinci. Saboda haka aikin da ya dace shi ne a cire haruffan gaba ɗaya, a yi kati huɗu, kowanne da tambaya ɗaya da gajeriyar amsa ɗaya, a harshen da za a yi jarrabawar. A manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006 kuma ake samun ta kyauta a wayoyin Android da sunan AnkiDroid, ana iya shigar da su daga fayil ɗin rubutu, layi ɗaya kati ɗaya, da alama guda mai raba fuska da baya:

```
Vector of sleeping sickness?;tsetse fly
Vector of malaria?;female Anopheles mosquito
Blackfly transmits which disease?;river blindness
Two diseases spread by housefly?;cholera, typhoid
```

Idan shekara ta zagayo aka tambayi abin da ke yaɗa makantar kogi, mai kati huɗu ya riga ya shirya, mai kati ɗaya kuwa abin da ya sani game da baƙin ƙuda shi ne ba shi ne amsa ba.

Akwai nau'in tambayoyin da ba sa juyuwa kai tsaye. Tambayar da ta ƙare da `EXCEPT`, wato wadda ke neman abin da ba ya cikin rukuni, ba ta da ma'ana idan aka cire zaɓuɓɓukanta, don haka sai a juya ta, a yi katuna daga zaɓuɓɓuka ukun da suke daidai. Haka nan amsar `All of the above` ba ta koyar da komai a bayan kati, sai an warware ta. Tambayar lissafi ko Fizis kuwa, abin da ake sa wa a kati shi ne ƙa'idar da matakin da aka fi tuntuɓe a kansa, domin haddace cewa amsa 24 ce ba ya tsinana komai da zarar an sauya lambobi.

Illa ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa, ita ce haddace kuskure. Hoton da ya bi ta waya biyar kafin ya iso ya riga ya dusashe, saboda WhatsApp yana matse hoto domin rage nauyinsa, wani lokaci kuma an yanke gefensa tare da zanen da tambayar ta dogara a kai. Manhajar karanto rubutu ta fi tuntuɓe a kan ƙananan alamomi, inda `10²` kan fito a matsayin `102`, alamar ragi ta ɓace, harafin `O` ya musanya da sifili, a darasin Hausa kuma ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta faɗi, har ɓari ya koma bari. Sannan amsar da aka zagaye da jan layi a hoton, ba a san wanda ya zagaye ta ba, yana iya zama malami, yana iya zama ɗalibin da shi ma cinke ya yi. Roediger da Elizabeth Marsh sun nuna a 2005 cewa ɗaliban da suka yi gwajin zaɓi-ka-cika ba tare da an gyara musu ba, daga baya sukan kawo amsoshin ruɗin da suka gani a matsayin gaskiya. Tsarin bita mai tazara ba ya bambanta daidai da kuskure, duk abin da aka ba shi zai dasa shi da ƙarfi ɗaya, shi ya sa duba kowace amsa a littafin darasi kafin a rubuta kati ya zama wajibi, ko da hakan zai rage yawan katunan da ake yi a rana.

Masu kare kwafe tambaya yadda take suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Jarrabawar kanta zaɓi-ka-cika ce, tambaya 180 cikin minti 120 kuma na nufin daƙiƙa 40 ga kowace, don haka sabo da sigar da saurin kawar da zaɓin banza ƙwarewa ce ta daban. Binciken Jeri Little da abokan aikinta a 2012 ya ma nuna cewa zaɓuɓɓuka masu gogayya da juna suna taimaka wa ɗalibi ya tuna bayanan da suka shafi amsoshin da bai zaɓa ba. Sai dai wannan amfani yana samuwa ne lokacin da ɗalibin ya tsaya yana auna dalilin kowane zaɓi, abin da ba ya faruwa a karo na biyar da ya ga hoto ɗaya. Muhallin cikakkiyar tambaya shi ne gwajin ƙwaƙwalwa da agogo a gaba, sau ɗaya a mako, da tambayoyin da ba a taɓa gani ba.

Sauƙin kwafewa yana haifar da wata matsalar ta yawa. Anki tana fito da sababbin katuna 20 a rana idan ba a sauya saitinta ba, kuma jagorar manhajar ta yi gargaɗin cewa hakan kan kai mutum ga bitar katuna kusan 200 a kowace rana. Ɗalibin da ke aron waya, ko wanda sai ya kai ta shagon caji ya biya, idan ya yi fashin kwana uku zai tarar da tulin da zai sa ya watsar da abin gaba ɗaya. Ga irinsa tsarin da Sebastian Leitner ya bayyana a Jamus a 1972 ya fi dacewa, tunda ba ya buƙatar wuta. Ana yanka kwali ƙanana, a tanadi akwati ko ambulan uku, na farko a duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya dawo na farko komai nisan da ya yi. Rubutawa da hannu yana da jinkiri, amma jinkirin ne ke hana kwafe abin da ba a fahimta ba.

Gane ko katunan suna aiki ba ya buƙatar jiran sakamakon JAMB. A miƙa wa wani ɗan aji tulin, ya karanta tambayar da baki cikin wasu kalmomi, ba zaɓi ba hoto, sannan ya juya ta ya ba da amsar ya nemi tambayar. Ɗalibin da ke cin 18 cikin 20 a waya amma ya kasa cewa komai idan aka tambaye shi abin da baƙin ƙuda ke haddasawa, katunansa na buƙatar a sake rubuta su daga tushe, a fara da darasin da ya fi jin ya iya.