Kafin ka biya kuɗin ɗaki: abin da ya kamata ka tambaya a masaukin baƙi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin karɓar baƙi na ƙaramin masauki, a Kano ne ko Kaduna ko Jos, zai gaya maka cewa tambayoyin da ake yi masa ba su da yawa. Bayan kuɗin ɗaki da maganar wuta, sai a tambayi wurin ajiye mota, da karin kumallo, da yara, can ba a rasa ba a samu mai tambayar ko zai iya zuwa da dabbarsa. Amsar da ake bayarwa kusan kullum ita ce "Akwai, ranka ya daɗe" ko "Ba matsala, Hajiya." Rigimar da ake yi ranar tafiya, lokacin da aka miƙo takardar biya, daga waɗannan gajerun amsoshi take tasowa, domin kowane ɓangare da abin da ya fahimta.

Maganar mota ta fi kowace nauyi, don ita ce dukiya mafi tsada da baƙo ke shigowa da ita. Yawancin masaukan nan gidajen zama ne aka mayar da su wurin kwana, an yanka falo an ƙara ɗakuna, amma farfajiyar tana nan yadda take. Mota ɗaya tana cin wuri mai faɗin kusan mita 2.5 da tsawon mita 5, ban da filin juyawa. Saboda haka gida mai ɗaki goma sha biyu yana iya kasa ɗaukar mota shida. Ranar Laraba ba wanda zai lura. Daren Juma'a da Asabar, lokacin ɗaurin aure, sai a jera motoci wata bayan wata, wanda ya riga kowa isowa shi ne za a toshe a can ciki. Idan kana da niyyar kama hanya bayan sallar asuba, ka faɗa wa maigadi tun shigowarka ya ba ka wuri kusa da ƙofa, in ba haka ba sai ka tsaya ana bi ɗaki ɗaki ana ƙwanƙwasa wa masu barci. Ka kuma tambayi ƙarfe nawa ake kulle ƙofar gidan, da ko maigadin a nan yake kwana.

Sai allon nan da ake kafawa a bango, wanda ke cewa duk abin da ya sami mota alhakin mai ita ne. Mutane da yawa suna ɗauka rubutu ne kawai na tsoratarwa, tunda ga maigadi ga ƙofar ƙarfe. Akwai shari'ar da lauyoyin Nijeriya ke yawan kafa hujja da ita a kan wannan. A watan Disamba na 1986 wani tsohon alƙali, Mai shari'a Anyah, ya sauka a otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri. A bakin ƙofa masu gadi suka ba shi ɗan faifan roba mai lamba, ya ajiye motarsa ƙirar Fijo 505, ya kulle, ya riƙe makullinsa. Aka sace motar. Ya kai ƙara, babbar kotu ta ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, a 2002 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa otal ɗin ba zai biya ba. Abin da talaka zai ɗauka daga nan shi ne ba ka wurin ajiye mota daban, karɓar amanar motarka daban. Ɗan kati ko faifan da aka miƙa maka a ƙofa ba alkawarin biyan diyya ba ne. Idan alƙali ya yi shekara goma sha shida yana bin kadin motarsa bai samu ba, ni da kai sai mu kwashe jaka da kwamfuta da takardun mota mu shiga da su ɗaki, mu sa wa sitiyari kwaɗo.

Karin kumallo ba ya kai mutum kotu, amma ya fi komai haddasa cacar baki. Idan aka ce kuɗin ɗaki ya haɗa da kari, tambayar da za ta biyo baya ita ce: na mutum nawa? Wasu gidajen faranti ɗaya suke nufi ko da ɗakin mai babban gado ne, wasu biyu. Na ukun da na huɗun sai an biya. Sannan me ake kira karin? A wani wuri shayi ne da burodi da soyayyen ƙwai, a wani a ƙara dankali, a wani kuma a ba ka zaɓi da koko da ƙosai ko waina. Lokacinsa yawanci tsakanin bakwai ne da goma na safe, wanda ke nufin mai sammako ya biya kuɗin abincin da ba zai gani ba. Gidan da ya san aikinsa zai yarda ya ƙunshe maka burodi da dafaffen ƙwai tun dare idan ka roƙa da wuri, kafin kuku ya tashi aiki. Da azumi ma haka ne: a tambaya ko ana mayar da karin ya zama sahur, da wanda zai kawo shi, don sau da yawa kukun ba a gidan yake kwana ba.

Mai ciwon suga ya ce a kawo masa shayi ko koko ba a sa sukari ba, domin wasu kicin ɗin a tukunya suke zubawa. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya faɗa da bakinsa, kuma ya ambaci man gyaɗa da sunansa, don mai girki ba lallai ya lissafa man suya a cikin abin da ake nufi ba. Wanda ya sauka a garin da Musulmi ba su da yawa, babu laifi ya tambayi naman da ke cikin abin da aka soya masa.

Yanzu a ɗauki misali, da alkaluman da na ƙaddara don lissafi kawai. A ce magidanci ya taso daga Zariya da matarsa da yara biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara huɗu, za su biki Abuja kwana biyu. A waya an ce masa ɗaki naira 30,000 ne da kari, yara kuma ba matsala. Ya ware naira 60,000. Da suka iso sai ya tarar gadon ba zai ɗauki mutum huɗu ba, ƙarin katifa kuwa naira 5,000 ne kowane dare. Da safe aka kawo faranti biyu, na yaran naira 2,500 kowanne. Dare ɗaya ya koma naira 40,000, biyu naira 80,000. A kan wannan gidan ya ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, naira 8,000 ke nan, da harajin VAT wanda tun 2020 yake kashi 7.5 cikin ɗari a Nijeriya, naira 6,000. Takarda ta nuna naira 94,000. Ba wanda ya yi masa ƙarya a waya, an dai bar shi da abin da ya zata. Da ya ce, "Mu huɗu ne, ga shekarun yaran, nawa zan biya gaba ɗaya har da haraji?" ya kuma nemi a turo masa amsar a rubuce ta saƙon waya, da ya san inda ya dosa. Akwai ma tarko na ƙarshe: galibi sha biyun rana ake barin ɗaki, kuma idan yinin biki ya ja suka kai la'asar, wasu gidajen rabin kuɗin dare suke ƙarawa, wasu cikakke.

Ban ga laifin gidan da ke karɓar kuɗin katifa ba, ruwa da wanki da man janareto duk suna ƙaruwa. Laifin shi ne ɓoye ƙa'idar. Kowane masauki yana da shekarun da yaro ke kwana kyauta a gadon iyayensa, kuma iyakar ta bambanta daga gida zuwa gida, don haka faɗin shekarun yara ya fi faɗin "ƙanana ne." Mai jariri kuma tambayarsa ta wuce kuɗi. Idan an kawo gadon jariri mai sanduna, a gwada tazarar da ke tsakaninsu: kada ta wuce kimanin santimita 6, don kada jikin yaro ya zurara kansa ya maƙale, kuma katifar ta cika gadon ba rami a gefe. A duba ko tagogi na da ragar sauro marar huji. A nemi ɗakin ƙasa idan yaran masu guje-guje ne, a ɗauke butar dafa ruwa daga inda hannu zai kai ga wayarta. Inda akwai wurin ninƙaya, a tambaya ko an kewaye shi da shinge, domin a ƙananan masaukai da wuya a samu mai tsaron wurin. Kada kuma a karɓi ɗakin da tagarsa ke kallon janareto. Ƙarar ba ita ce babbar matsalar ba. Hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri, kuma tana kashe mai barci.

Batun dabbobi a ƙasar Hausa ya sha bamban da na Turai, inda mutum ke tafiya hutu da karensa a biya masa kuɗin shara. A nan mafi yawan masaukai ba sa yarda dabba ta shiga ɗaki, kuma wanda ya zo da kyanwa ko aku a keji ba tare da ya tambaya ba yana iya kwana a mota. Dabbar da ta fi zuwa masauki a wurinmu, in za a faɗi gaskiya, ragon layya ne a bayan a-kori-kura, gab da babbar salla. Shi ma a tambaya tun kafin a iso ko akwai inda za a ɗaure shi a bayan gida, da wanda zai share wurin, kuma kada a bar shi cikin rufaffiyar mota da rana.

Tambayar da ta fi amfani ga yawancinmu ita ce ta dabbobin gidan kansa. Wasu masaukan suna da karnukan gadi da ake kwancewa bayan an kulle ƙofa, a ɗaure su da gari ya waye. Baƙon da ya fito da duhu zai tafi masallaci, ko yaron da ya ruga mota ɗauko takalmi, shi ke cin karo da su. A tambayi lokacin kwancewa da na ɗaurewa, a kuma tambaya ko an yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara, kuma likitan dabbobi yana ba da katin shaida. Idan tsautsayi ya sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar don a fara allura, ko da mai gidan ya rantse karensa lafiya lau yake. A ɗauki hoton katin rigakafin karen a tafi da shi, a kuma karɓi lambar manajan, domin likita zai so a sa wa karen ido na kwana goma a ga ko ya canza hali.