Lissafin da ke bayan bugun fenariti

A bugun daga kai sai mai tsaron gida, duk abin da ɗan wasa ya samu gola ne ya rasa. Irin wannan karawa ta mutum biyu, wadda ribar ɗaya ita ce asarar ɗayan, John von Neumann ya tabbatar a 1928 cewa tana da warwara. Hanyar gano warwarar a sauƙaƙe ta samu ne bayan George Dantzig ya ƙirƙiro dabarar simfuleks a 1947.

A ƙaddara ɗan wasa ya buga hagun raga. Idan gola ya faɗa can, ƙwallo na shiga sau 50 cikin ɗari, idan ya faɗa dama kuwa sau 90. In dama ya buga, tana shiga sau 80 idan gola ya yi hagu, sau 60 idan ya canka daidai. Wanda ya nace wa gefe guda, gola zai gane shi, don haka dole ya riƙa gaurayawa.

To, sau nawa hagu, sau nawa dama? A kira rabon hagu x, na dama y. Ɗan wasan yana son ya ɗaga abin da zai samu ko da gola ya yi masa mafi munin zaɓi. Dabarar ita ce a ba wannan tabbataccen rabo suna, v, a mai da kowane zaɓin gola sharaɗi guda:

50x + 80y ≥ v
90x + 60y ≥ v
x + y = 1, x ≥ 0, y ≥ 0

Sai a nemi v mafi girma. Babu inda aka ninka harafi da harafi, kowane sharaɗi miƙaƙƙen layi ne a takarda, kuma irin wannan tsari ne simfuleks ke warwarewa, ko da zaɓin ya kai ɗaruruwa.

Amsar ita ce hagu sau ɗaya cikin uku, dama sau biyu, v kuma 70. Abin lura, hagun da ke da 90 mai ruɗin ido shi ne aka rage wa rabo. Gola ma yana da nasa tsarin, inda yake neman ya danne adadin ƙasa. Nasa ya nuna ya raba faɗuwa biyu daidai, kuma a 70 ɗin ya tsaya. Idan amsoshin biyu suka saɓa, akwai kuskure a lissafin.

Wani tarkon kuma, manhajoji da yawa suna ɗaukar cewa babu harafin da zai gaza sifili. A wasan da ɗan wasa ke kan asara, v na ƙasa da sifili, sai manhajar ta ce babu amsa. Maganin shi ne a ƙara adadi ɗaya a kan duk alkaluman, a warware, sannan a cire shi daga v. Rabon x da y ba zai motsa ba.