Takalmin gwanjo a Ƙofar Wambai: tambayoyin sabon shiga

Wanda bai taɓa shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ba yakan ji tsoron abu biyu: a sayar masa da jabu, ko a tsuga masa kuɗi. Bari mu yi misali da takalmi kambas, don a nan aka fi cutar baƙo.

Ashe gwanjo ma akwai jabu?

Akwai. Gwanjo na gaske a dila yake zuwa daga ƙasashen waje, an riga an taka shi. Da yake mutane sun yarda ya fi sabo mai araha ƙarko, wasu sukan sayo sabon kwaikwayo su cakuɗa shi cikin tulin. Idan ka ga samfuri ɗaya, launi ɗaya, an jera shi daga lamba 40 har 45, to ba daga dila ya fito ba. Kayan dila tsintuwa ne, da wuya ka sami biyu iri ɗaya.

To in na ɗauka a hannu, me zan duba?

Ɗaga harshen takalmin ka karanta 'yar takardar da ke jiki. Lambobin ƙafar dama su dace da na hagu, domin akan haɗa ƙafa biyu daga takalma daban, wata ta fi wata girma. Sannan ka sansana: warin gam mai hawa kai alamar sabon kwaikwayo ce, ko kuma gyaran da aka yi jiya.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tafin takalmin. Lanƙwasa shi, ka danna da babban yatsa. Na asali ma in ya daɗe a ajiye robarsa takan mutu, sai ka gan shi fes kamar ba a taɓa sawa ba, kwana uku ya marmashe maka a hanya. Ni dai na fi yarda da wanda dunduniyarsa ta ɗan ci.

Nawa zan taya?

Kada ka taya a rumfar farko. Tambayi irinsa a wuri uku tukuna. A ce an yi maka kuɗi naira 20,000, alhali a sauran rumfunan ka ji 14,000. Fara daga 9,000. Zai ce albarka, wato bai sallama ba. Ƙara kaɗan-kaɗan, kana nuna masa aibin da ka gani, in ka kai iyakarka ka ajiye ka juya. In da riba zai kira ka. Amma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saya, don in ya ce ya sallama, janyewa abin kunya ne.

Wanda ya tare ni ya ce zai raka ni fa?

Sau da yawa dillali ne, kuma la'adarsa a cikin kuɗinka za ta fito. Ka gode masa ka wuce.

Zan iya mayarwa in na ga aibi a gida?

Da wuya. Saka ƙafa biyun, ka fito da shi haske, ka yi 'yan taku kafin ka miƙa kuɗi.