Kafin A Juye Kankare: Mazurari Da Ɗan Bulo

Ranar zubin dekin rana ce ta hayaniya. Motar kankare ta iso daga kamfani tana juya tulunta, leburori sun jeru da baro da kwanon sarki, mai gida na duba agogo domin kuɗinsa ke tafiya. A tsakiyar wannan sai ka ga injiniya ya ce a dakata, ya ɗauko wani mazurarin ƙarfe. Wasu na ganin iyayi ne kawai.

Gwajin silam ke nan. Mazurarin tsayinsa milimita 300, faɗin gindinsa 200, bakinsa 100. A kan jiƙa cikinsa, a kafa shi a kan faifan ƙarfe a wuri mai daidai, mutum ya take kunnuwansa da ƙafa. Sai a zuba kankaren kashi uku, kowane kashi a caccake shi sau 25 da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 16. In ya cika a share bakin, a zare mazurarin sama a hankali ba tare da murɗawa ba, a ajiye shi a gefe, a auna yadda tulin ya zauna ƙasa da tsayinsa na farko.

A ce an yi odar kankare mai daraja 25, wanda zai zauna da kamar milimita 100. Aka auna aka samu 90 ko 110, to a ci gaba da aiki. In tulin ya baje kamar kunu, alhali ba a yi odar mai gudu ba, ruwa ya yi yawa. In gefe guda ya zame ya faɗi, a sake gwaji. Ya maimaita, alama ce haɗin bai kama jikinsa ba, wataƙila yashi ko siminti ya gaza.

Inda aka fi samun rigima shi ne idan ya yi tauri. Mota ta maƙale a cunkoso cikin zafin Afrilu, ta iso an samu 40. Nan take za ka ji murya: "Oga, a ƙara masa ruwa mana, ba ya tafiya!" Lebura na da gaskiyarsa, shi ke shan wahalar tura shi tsakanin rodi. Amma siminti ruwa kaɗan yake bukata ya kama. Ragowar ruwan yakan bushe ya bar ƙananan ramuka a ciki, ramukan nan kuwa su ke cinye ƙarfi. Maganin taurin shi ne sinadarin da kamfanin ke zubawa ya saki kankare ba tare da ƙarin ruwa ba, ko a mayar da motar.

Sai dai mazurari bai san ƙarfi ba. Kankaren da aka tsuke wa siminti zai iya cin wannan gwaji lafiya lau. Shi ya sa ake cika wasu ƙananan akwatunan ƙarfe, milimita 150 ta kowace fuska, a caccaka, a rubuta kwanan wata da ɓangaren ginin da aka zuba. Washegari a kwance su, a jefa 'yan bulullukan a ruwa. Kowanne kamar kilo 8 yake. Wannan shi ne gwajin kiyub.

Ran kwana 7 a kai wasu ɗakin gwaji, inji ya matse su har su fashe. Sauran sai kwana 28. Lissafin ba wuya. Fuskar bulon murabba'in milimita 22,500 ce. In ya fashe a 380 kN, aka raba, an samu kusan 17 N/mm², wato kimanin kashi biyu cikin uku na 25, abin da ake sa rai ke nan a mako guda. Ran 28 ya fashe a 630 kN, an samu 28, ya haye. Amma in a makon farko 250 kN ya bayar, wato 11, kada kafinta ya taɓa sandunan da ke tokare da dekin, kada birkila ya ɗora bulo a sama. In sakamakon kwana 28 ma ya gaza, sai a huda ginin da inji a yanko kankaren kansa a gwada, daga nan a san ko ƙarfafawa za a yi ko fasawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wurin gini shi ne takarda mai kyau da aka samu ta hanyar banza. An cika akwatunan tun motar na isowa, injiniya ya juya baya, aka zura tiyo a tulun. Bulon zai ci jarrabawa, dekin kuwa wani kankare daban ya sha. Saboda haka mai gida ya tambayi lokacin da aka ɗebi samfurin, kuma wa ke tsaye bakin motar har ta gama juyewa.