Gida, Gajiya da Nisan Hanya: Yadda Ake Yanka Farashin Wasa

A kakar 2020/21 ta Firimiyar Ingila an ga abin da ba a taɓa gani ba. Cikin wasanni 380, baƙi sun ci 153, masu gida sun ci 144, sauran 83 aka tashi canjaras. Liverpool, wadda ta yi wasa 68 a jere ba a doke ta a Anfield ba a gasar, sai ga ta ta sha kashi sau shida a jere a filin nata. Filayen ba su sauya ba, hanyoyin zuwa ma haka. 'Yan kallo ne kawai babu, saboda annobar korona. Wannan kakar ta tilasta wa masu lissafin da kamfanonin caca ke ɗauka aiki su sake duba wata lamba da suka daɗe da amincewa da ita, wato darajar wasa a gida.

Ko mutum bai taɓa kusantar shagon caca ba, kuma da yawanmu addini ya hana mu, sanin wannan lissafi yana gyara yadda ake kallon wasa. Mai yanka farashi ba ya tambayar wa zai ci. Tambayarsa ita ce, in an buga wasan nan sau ɗari, sau nawa kowane ɓangare zai ci?

Mu ɗauki ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya. A manyan gasannin Turai ana zura ƙwallo wajen 2.7 a wasa in an raba daidai. Idan filin ba na kowa ba ne, sai a ba kowacce 1.35. Da wannan lamba, lissafi yana nuna kowace ƙungiya tana da damar ci kashi 37 cikin ɗari, canjaras kuma kashi 26. Farashin gaskiya shi ne a raba ɗari da 37, a samu 2.70. Ma'ana, naira 1,000 za ta dawo da 2,700.

Yanzu a kai wasan gidan ɗaya daga cikinsu. Abin da aka saba ƙara wa mai gida bai wuce sulusin ƙwallo ba. Sai a ba shi 1.5, baƙo ya koma 1.2. Ƙarin kamar ba komai ba, amma damar mai gida ta tashi zuwa kashi 44, ta baƙo ta sauka zuwa 30, farashin mai gida kuma ya faɗo zuwa 2.27. Daga nan kamfani zai yanke ribarsa, ya rubuta ƙasa da haka a allo. Wannan ribar tana cikin kowane farashi, ko wa ya ci.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar sulusin nan a matsayin doka ga kowane fili. Idan AC Milan da Inter suka haɗu, San Siro gidansu ne su biyun, babu wanda ya yi tafiya. A La Paz kuwa, inda filin yake sama da teku da mita 3,600, numfashi ma aiki ne ga baƙo. A can Bolibiya ta lallasa Ajantinar Maradona da ci 6 da 1 a 2009. A gasarmu ta Najeriya ma lambar Turai ba ta aiki. Kano Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Ƙungiyar da ta kwana a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal ba za a auna ta da ma'aunin wadda ta hau jirgi na awa ɗaya ba.

Cunkoson wasanni ya fi wuyar aunawa, kuma a nan nake ganin masu sharhi suna yawan zuzuta abu. Binciken da Gregory Dupont ya jagoranta, wanda ya fito a 2010, ya bi 'yan wasan da ke buga wasa biyu a mako. Gudun da suke yi a fili bai ragu sosai ba. Abin da ya ƙaru shi ne rauni, har ninki shida. Saboda haka gajiya ba kasafai take bayyana a ƙafar wanda ya fito ba. Tana bayyana ne a takardar sunayen da koci ya miƙa, inda za a ga ya ajiye mutum uku ko huɗu a benci.

Mu koma misalinmu. A ce mai gidan ya buga gasar Europa ranar Alhamis da dare a Baku, ya sauka gida da asubar Juma'a, ga wasa ranar Lahadi, alhali baƙon ya huta mako guda. Mai lissafi mai hankali zai rage masa kamar 0.1, ya ƙara wa baƙo 0.1, a koma 1.4 da 1.3. Damar mai gida ta dawo wajen kashi 39, farashinsa kuma wajen 2.55. Tafiyar ta cinye kashi biyu cikin uku na ribar gida, amma ba ta mayar da shi na ƙasa ba. Idan sunaye suka fito aka ga an hutar da gwanin gaba, aka sake rage masa saboda rashin gwanin ba tare da cire ragin farko ba, to an hukunta shi sau biyu kan laifi ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a sana'ar.

A ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, lamarin ya fi fitowa fili, domin da tazarar maki ake lissafi. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82, wani lokaci yau a wannan birni, gobe a wani. A da ana ba mai gida maki uku ko fiye, yanzu ya koma tsakanin biyu da uku, Denver mai tudun mita 1,600 kuma akan ƙara mata. A ce wata ƙungiya ta fi abokiyar karawarta da maki huɗu. Ta je baƙunta, an cire biyu da rabi, saura ɗaya da rabi. Ta buga wasa daren jiya, mai gida kuwa ya huta, an sake cire kamar ɗaya da rabi. Ƙungiyar da ta fi ƙarfi ta zama daidai da wadda ta fi. Sai dai baƙi ne suka fi yawan faɗawa wasan yau da gobe, don haka wani ɓangare na gajiyar ya riga ya shiga cikin lambar gida tun farko.

Kuma a wasan mutum biyar, tauraro ɗaya ya fi duk waɗannan nauyi. A Nuwamban 2012 koci Gregg Popovich ya sallami Tim Duncan, Tony Parker, Manu Ginobili da Danny Green gida kafin wasan San Antonio Spurs a Miami, wanda shi ne na huɗu cikin dare biyar. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar dala 250,000. Wanda ya ƙirga kwanakin hutu kaɗai bai san wa zai sa riga ba a daren.

Jadawalin wasanni kuwa tun kafin a fara kaka yake fitowa, kowa yana gani. Mai shayi a majalisa ya san Arsenal ta yi tafiya ranar Laraba, kamfanin ma ya sani, kuma ya riga ya sa abin cikin farashi tun kafin a buɗe shago.