Yadda ake karanta takardar da ke jikin kwalin aike

Ana gab da ƙaramar sallah wata uwa daga cikin iyayen yaran makarantarmu ta tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi, ta miƙo mini wayarta. Mahaifiyarta da ke zaune a Madina ta aiko wa jikokinta goron sallah ta gidan waya, ta kuma ɗauki hoton takardar da aka manna a jikin kwalin ta turo. Kwana biyu bayan haka sai ga saƙo ya shigo wayar uwar, wai kayanta na hannun kwastan, ta latsa wani wuri ta biya kuɗi. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini, ni ban ga komai a hoton nan ba sai haruffa da lambobi." Amsar tambayarta kuwa tana cikin hoton. Ga abin da ke ciki, amma na sauya lambar da wata da na ƙirƙira don darasi:

```
CN 23          CP 473 120 583 SA
[x] Gift
Dates   2.0 kg   SAR 60   080410   SA
Books   1.5 kg   SAR 60   490199   LB
Total gross weight  3.9 kg
```

Mu fara da sunan takardar. `CN 23` fom ne na bayyana wa kwastan abin da ke cikin kaya, kuma iri ɗaya ne a gidajen waya na duniya, domin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 take kuma da hedikwata a birnin Bern na Switzerland, ita ce ta tsara shi. Yana da ƙane mai suna `CN 22`, ƙaramar takarda da ake mannawa a ƙaramin ƙunshi wanda bai wuce kilo 2 ba, kuma darajarsa ba ta wuce `300 SDR` ba. Wannan `SDR` ba kuɗin wata ƙasa ba ne, ma'auni ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma gidan waya a nan Birtaniya yana lissafa iyakar a kan fam 270. Kwalin kakar ya kusa kilo 4, shi ya sa aka ba ta babban fom ɗin. Idan kun ga Faransanci a ƙarƙashin kowane layi, kada ku ɗauka kayan sun bi ta Faransa. Faransanci ne harshen hukuma na ƙungiyar.

Sai doguwar lambar da ke sama, wadda da ita ake bibiyar kaya. Kullum gurabe 13 ne: haruffa biyu, lambobi tara, sai wasu haruffa biyu. Harafin farko yana faɗin irin aiken. `C` kwali ne na yau da kullum, `E` aiken gaggawa ne da ake kira `EMS`, `R` kuma aike ne mai rajista wanda sai an sa hannu ake karɓa. Haruffa biyu na ƙarshe suna nuna ƙasar da gidan wayarta ya ba da lambar, ba ƙasar da kayan za su je ba. `SA` Saudiyya ce, `GB` Birtaniya, `GH` Gana, `CM` Kamaru, `SD` Sudan. Biyu ne suke yawan rikita mutanenmu. Nijeriya `NG` ce, Nijar kuma `NE`, don haka wanda ke jiran kaya daga Maraɗi ya ga `NG` ya san ba nasa ba ne. Chadi kuwa `TD` ce, saboda an ɗauko ta daga yadda ake rubuta sunan ƙasar da Faransanci.

Matsalar hoto ita ce dishi-dishi. Hasken waya ya kan faɗa a kan salatif ɗin da aka rufe takardar da shi, sai 3 ta koma kamar 8. Haka ya faru da uwar nan: ta karanta lamba ta uku a matsayin 8, ta shigar a shafin gidan waya, aka ce babu irin wannan kaya, hankalinta ya ƙara tashi. Akwai hanyar gane kuskuren ba tare da an sake kiran Madina ba, kuma ɗan aji shida zai iya yi. Lamba ta tara ba a zaɓe ta haka kawai ba, daga takwas ɗin farko ake fitar da ita. Ana ninka su bi da bi da 8, 6, 4, 2, 3, 5, 9, 7, a tara, a raba da 11, sannan a debe ragowar daga 11.

```
4×8 + 7×6 + 3×4 + 1×2 + 2×3 + 0×5 + 5×9 + 8×7 = 195
195 = 11×17 + 8
11 − 8 = 3
```

Mun sami 3, kuma lamba ta tara a takardar 3 ce, to karatun ya yi daidai. Da lamba ta uku 8 ce, jimillar za ta zama 215, ragowar 6, amsar kuma 5, wadda ba ta dace da abin da ke takardar ba. Ƙa'ida biyu kawai za a ƙara: idan amsar ta fito 10 ana rubuta 0, idan ta fito 11 ana rubuta 5. Wannan lissafi na lambobin gidan waya ne kaɗai. Kamfanonin aike masu zaman kansu kowanne da tsarin lambarsa.

Yanzu mu sauko kan layin kaya. `Dates` dabino ne, `Books` littattafai. Nauyin da ke gaban kowanne nauyin kayan ne tsurarsu, shi ne ake taƙaitawa `N.W.` a jikin kwalaye. Idan kun tara kilo 2.0 da 1.5 za ku sami 3.5, alhali a ƙasa an rubuta 3.9. Ba a saci komai ba, ba a kuma ƙara komai ba. Na ƙasan nauyin kaya ne haɗe da kwali da abin da aka cusa don kada su motsa, shi ne `G.W.`, kuma a kansa gidan waya yake cajin kuɗin aike. Abin da zai sa a yi tambaya shi ne a ga na ƙasan ya gaza jimillar na sama, domin kwali ba ya rage nauyi.

Haruffa uku da ke gaban kuɗi sun fi lambar kanta muhimmanci. `SAR` riyal ne na Saudiyya, `GBP` fam, `NGN` naira, `GHS` sidi, `XOF` sefa ta Nijar, `XAF` sefa ta Kamaru da Chadi. Uwar nan ta tara 60 da 60 ta ɗauka fam 120 ne. Riyal 120 ne, kuma tun da riyal 3.75 ne dala ɗaya, dala 32 ke nan, wanda bai kai fam 39 ba. Ɗalibanmu su taimaka wa iyaye da abu guda a nan: idan mai aike ya rubuta da lambobin Larabci, shida takan yi kama da 7 ta boko, biyar takan yi kama da sifili, sifili kuma ɗigo ne kawai da kan ɓace a hoto.

Me ya sa na ambaci fam 39? Saboda akwatin da aka yi wa alama, wato `Gift`, ma'ana kyauta. A dokar Birtaniya, kyautar da mutum ya aiko wa mutum daga waje don wani biki, ba a saya ba, idan darajarta ba ta wuce fam 39 ba, babu harajin `VAT` a kanta. Kuɗin fito na kwastan kuwa sai kaya sun wuce fam 135 yake shigowa. Sauran akwatunan su ne `Documents` na takardu, `Commercial sample` na samfurin ɗan kasuwa, `Returned goods` na kayan da aka mayar, da `Sale of goods` na kayan da aka sayar. Wanda ya sayi kaya sannan ya roƙi mai shago ya yi wa akwatin kyauta alama ya sa shi yin ƙarya a takardar da ya sa wa hannu, kuma kwastan na da ikon buɗe kwalin su riƙe kayan.

Lambobi shida da ke biye su ne `HS`, tsarin da Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels take kula da shi, wanda ya fara aiki a 1988. Ana karanta su bibbiyu, kamar yadda ake neman aya: sura tukuna, sannan a gangaro. A `080410`, 08 babin 'ya'yan itatuwa ne, 04 rukunin da ya haɗa dabino da ɓaure da abarba da mangwaro, 10 kuma dabino shi kaɗai. A `490199`, 49 babin kayan ɗab'i ne, 01 littattafai, 99 kuma sauran littattafan da ba ƙamus ba. Waɗannan shida iri ɗaya ne a Jidda da Kano da Landan, sai dai kowace ƙasa takan ƙara nata lambobin a baya. An tanadi gurbin ne musamman don kayan kasuwanci, saboda haka idan kun gan shi babu komai a kan kyauta, ba laifi ba ne. Haruffa biyu na ƙarshen layi ƙasar da aka yi kayan ce. An rubuta `LB` a gaban littattafan domin a Beirut ta Labanon aka buga su, ko da yake a Madina aka saye su.

Da muka haɗa waɗannan duka, sai amsar ta fito fili. Kyauta ce ta dala 32, ba ta kai inda ake biyan komai ba. Muka shigar da lambar da muka gyara a shafin gidan waya, muka ga kwalin bai ma bar Saudiyya ba, balle ya shiga hannun kwastan na nan. Saƙon da aka turo mata kuwa babu lambar kwalinta a ciki. Na 'yan damfara ne, irin wanda suke watsawa ga dubban mutane da fatan ya faɗa kan mai jiran kaya. Idan da gaske akwai kuɗin biya, gidan waya yakan kawo kati ko wasiƙa har gida, kuma ana iya tabbatarwa a shafinsu da mutum ya buɗe da kansa.

Roƙo ɗaya gare ku iyaye: kafin ku tura irin wannan hoto a zauren iyaye don neman a fassara muku, ku rufe suna da adireshi da lambar waya, naku da na mai aike. Ɗalibai kuma ga aikin gida: ku nemi tsohon kwali a gida, ku gwada lissafin lamba ta tara, ku kawo mini ranar Asabar. Kwalin kakar dai ya iso lafiya bayan sallah da kwana huɗu, an kuma ɗanɗana mana dabinon. Allah ya saka mata da alheri.