Takardar Ƙiyasin Fansho: A Duba Ƙananan Rubutun Kafin a Yi Murna

Kwanakin baya wani maƙwabcina a GRA Katsina, ma'aikacin gwamnatin tarayya mai shekara 45, ya nuna mini takardar da kamfanin fanshonsa ya ba shi. An rubuta cewa zai iya tarar da kusan naira miliyan 31 a asusunsa ranar da zai yi ritaya. Har ya fara maganar sayen fili. Na ce masa, "Malam, mu zauna mu karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa tukuna."

'Yan'uwa, irin wannan takarda ba alkawari ba ce, ƙiyasi ne. Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, ma'aikacin da ke cikin tsarin adashin fansho yana da asusun kansa. Yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Abin da zai samu a ƙarshe shi ne abin da ya taru da ribarsa. Tun da ba wanda ya san gobe, kamfanin yakan ɗora lissafinsa a kan zato, kuma zaton ne ya kamata a karanta.

A takardar maƙwabcina akwai naira miliyan 3 a asusun yanzu. Albashin da ake cire masa fansho a kai naira 150,000 ne a wata, wato naira 27,000 ke shiga kowane wata. An ɗauka zai yi ritaya yana da shekara 60, albashinsa zai riƙa ƙaruwa da kashi 10 kowace shekara, ribar asusun ma kashi 10. Daga nan miliyan 31 ta fito.

Zato na farko shi ne ranar ritaya. A aikin gwamnatin tarayya ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. Maƙwabcina ya kama aiki yana da shekara 20, saboda haka zai bar aiki yana da 55. Shekara 10 suka rage masa, ba 15 ba. Da muka sake lissafi, kuɗin ya dawo miliyan 15 da ɗoriya, wato rabi. Dalili kuwa, shekarun ƙarshe su ne masu albashi mafi tsoka, kuma a lokacin ne riba take hawa kan kuɗi mai yawa. Malaman makaranta su lura cewa dokar 2022 ta kai nasu zuwa shekara 65 ko 40 na aiki. Kowa kuma ya duba ranar haihuwar da ke rubuce a wurin kamfanin, domin kuskuren shekara ɗaya yana gurɓata lissafin duka.

Zato na biyu shi ne ƙarin albashi. Hanyar gwada shi mai sauƙi ce: a ɗauko takardar albashi ta shekara biyar da suka wuce a kwatanta da ta yau. Albashin da ke hawa kashi 10 kowace shekara, wanda yake naira 100,000 a da, ya kamata ya kai kimanin 161,000 yanzu. In naka bai kai haka ba, ƙiyasin ya yi maka yawa. Ko da maƙwabcina zai kai shekara 60 a aiki, in albashinsa bai motsa ba, miliyan 23 zai gani. A sani kuma ba kowane alawus ake cire fansho a kansa ba. Abin da doka ta wajabta shi ne ainihin albashi da kuɗin haya da na sufuri.

Na uku shi ne shekarun fara karɓa. Barin aiki dabam, fara cin fansho dabam. Doka ta ce sai mutum ya yi ritaya kuma ya cika shekara 50, in ban da wanda rashin lafiya ta hana aiki. Wanda ya rasa aiki kafin 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, zai iya cire kashi 25 kawai, sauran ya jira. Kuma ba a miƙa wa mai ritaya kuɗin gaba ɗaya. Ana ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata ta kamfanin fansho ko kamfanin inshora. Wanda ya fara karɓa a 55 za a raba kuɗinsa a kan shekaru masu yawa, don haka na watansa zai yi ƙasa.

Kada a manta da tsadar kaya. In farashi ya riƙa hawa kashi 10 a shekara, miliyan 31 bayan shekara 15 za ta sayi abin da miliyan 7 da rabi ke saya yau. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30.

Maƙwabcina ya koma ofishin kamfanin da takardar kama aikinsa, ya nemi a sake ƙiyasin a kan shekara 55, a kuma fitar masa da wani da ba a sa ƙarin albashi a ciki ba. Maganar fili kuwa ya ce ta jira har ya ga sabuwar takardar.